Bidiyon waƙar gambara kan rashin aikin matasa: benci, ambulan da ƙofofin da ba sa buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mawaƙin gambarar zamani ne a Kano, na gama waƙa a kan rashin aikin yi. Tsawonta minti 3 da daƙiƙa 12, kiɗan yana gudun 90 BPM, baiti biyu dogaye da ɗaya gajere, amshi sau uku. Kyamara ɗaya muke da ita, kuɗi kuma ba yawa. Yaya, wane irin bidiyo zan yi mata, kuma ta yaya zan tsara ɗaukar?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsalar da za ka fara cin karo da ita ita ce rashin aiki ba shi da motsi, kyamara kuwa motsi take so. Shi ya sa yawancin masu irin wannan bidiyon suke gudu zuwa abin da ke da saurin ɗaukar ido: matashi ya dafe kai yana kuka, wani yana shaye-shaye a kango, a ƙarshe a cinna wa takardar shaidar karatu wuta. Duk wanda ya taɓa zaman jiran aiki ya san ba haka abin yake ba. Abin da yake ci wa mutum rai shi ne wuni, yadda safiya take zama azahar, azahar ta zama magariba, ba abin da ya sauya. Saboda haka shawarata ita ce ka gina bidiyon gaba ɗaya a kan lokaci, ka sa mai kallo ya ga wuni guda yana wucewa ta kan mutanen da ba su je ko'ina ba.

Abin da zai nuna maka wannan yana nan a kowace unguwa, wato bencin majalisa. Ka lura da 'yan majalisa da kyau: da safe bencin yana wuri ɗaya, rana na ɗagawa sai mutum biyu su miƙe su kama shi su matsar, bayan la'asar a sake ja. Bin inuwa ke nan, kuma ga wasu shi ne kaɗai aikin da za su yi a ranar. Wannan shi ne ƙashin bayan bidiyonka. Amshi uku gare ka, to ka ɗauki bencin sau uku daga wuri ɗaya tak, kyamara a kafe ba ta motsi: amshin farko da hantsi, na biyu da tsakar rana, na uku da yamma liƙis. Bango ɗaya, bishiya ɗaya, amma inuwa ta tafi, benci ya bi ta, mutanen da ke kansa kuma sun ƙaru. A na farko ku huɗu ne, akwai sauran wuri. A na biyu ku bakwai, an matsu. A na uku benci ya cika, wasu suna tsaye, wasu sun tsuguna, wani ya jingina da bango.

Wannan dabarar tana da sharaɗi, kuma a nan ne ake yawan faɗuwa. Dole inuwar ta yi tafiya daga gefe zuwa gefe a cikin hoton. Kano tana arewa da tsakiyar duniya da kusan digiri 12, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana karkata kudu duk wuni, inuwa kuma tana faɗuwa ta wajen arewa. Ka nemi bango mai kallon kudu, da darbejiya a gabansa, ka kafa kyamara kusa da gindin bishiyar tana kallon arewa. Da safe inuwar za ta kwanta a hagun hoton, da azahar ta dawo tsakiya ta gajarce, da yamma ta miƙe dama. Rana kuma tana bayan mai ɗauka, fuskoki za su fito. In ka bari sai watan Mayu ko Yuni, rana tana bi ta saman kai har ta ɗan leƙa arewa, inuwar tsakar rana sai ta taru a gindin bishiya, abin ba zai fito ba. Kafin ranar ɗauka ka je wurin da wayarka da ƙarfe 8, da 12 da rabi, da 4 da rabi, ka ɗauki hoto daga inda za ka tsaya. In hotunan uku ba su nuna tafiyar inuwa ƙarara ba, sauya bango. Sannan ka sa ido a kan hazo. Hazo kaɗan alheri ne, yana tausasa haske ya ba garin launin ƙasa. Amma ranar da ya yi kauri har rana ta koma farin faifai, inuwa ɓacewa take yi, gara ka ɗage aikin da kwana biyu.

Abu na biyu da zai riƙa dawowa shi ne ambulan ɗin nan mai ruwan ƙasa da kowane mai neman aiki yake riƙewa, mai ɗauke da kwafin takardu da hotunan fasfo. Ba sai an gaya wa kowa ma'anarsa ba. Abin da za ka yi shi ne ka bar darajarsa ta riƙa raguwa a hannunka sannu a hankali. A farko sabo ne fil, kana riƙe shi da hannu biyu kada ya lanƙwashe. Daga baya ka kare rana da shi. Can kuma ka yi fifita da shi. A amshi na biyu ka shimfiɗa shi a kan benci ka zauna a kai don kada wando ya yi datti. Kusa da ƙarshe mai awara ta rasa takardar naɗi, ka zaro kwafi ɗaya ka miƙa mata ba tare da ka kalla ba, mai ya ratsa takardar. Wannan ya fi ƙona ta ciwo nesa ba kusa ba, domin ba fushi a ciki, sabo ne kawai. Za ka buƙaci ambulan huɗu iri ɗaya, ka tsufar da uku tun a gida da ruwan shayi da murzawa da ɗan man gyaɗa, ka rubuta lamba a cikin kowanne. Takardun ciki kuma na bogi za ka buga, da sunan makarantar da babu ita da sunan mutumin da babu shi. Kada ka kuskura ka sa takardar wani ta gaskiya ko tambarin wata jami'a, mutane suna tsayar da bidiyo su karanta.

Farar riga ma haka za ta bi. Riguna uku iri ɗaya: mai guga, mai ɗan gumi da ƙura a wuya, da wadda ta sha wuni. Ka sa mutum ɗaya ba shi da wani aiki sai lura da wace riga da wane ambulan ne suka dace da wace fitowa. Da littafi zai riƙe, ba da ka ba.

Abu na uku ƙofofi ne. A Sharaɗa da Bompai da Chalawa akwai masana'antun da suka daina aiki, ƙofofinsu sun yi tsatsa, ciyawa ta fito ta ƙarƙashi. Wanda iyayensa suka yi aiki a irin waɗannan wurare, ko a masaƙun Kakuri da ke Kaduna, zai gane su da gani ɗaya. Ka ɗauki kowace ƙofa gaba da gaba, daga nisa ɗaya, da tsayin kyamara ɗaya, kai kuma kana tsaye a daidai tsakiyar hoton ka juya baya. In aka jera su a wajen haɗawa, sai a ga kai ba ka motsa ba, ƙofa ce kawai take sauyawa a gabanka tare da bugun ganga. Ka kauce wa allon sunan kamfani, ba ka da buƙatar rigima da kowa, kuma ƙofar da ba suna ta fi zama ta kowa. Abubuwa ukun nan sun isa. In wani ya ce a ƙara agogo mai gudu ko tsuntsu a keji, ka ce masa a'a.

Yanzu lissafi, domin a gambara kiɗa ne yake yanke hoto. A gudun 90 BPM kowane bugu yana cin kashi biyu cikin uku na daƙiƙa, bugu huɗu su ne gaɓa ɗaya, wato daƙiƙa 2.67. Minti 3 da daƙiƙa 12 daƙiƙa 192 ke nan, gaɓa 72 cif. Ina ɗauka rabon haka yake: shiga gaɓa 4, baitin farko 16, amshi 8, baiti na biyu 16, amshi 8, gajeren baiti 8, amshi 8, fita 4. In naka ya ɗan bambanta, ka gyara lissafin, tsarin ba zai lalace ba.

Gaɓa huɗun shiga, kusan daƙiƙa 11, ɗauka ɗaya ce ba yanka. Ɗaki ne da asuba, ba wuta, hannu yana goge farar riga da dutsen guga na gawayi, ana ganin jan garwashin ta ramukan ƙarfen. Ambulan yana gefen tabarma. Ba a nuna fuska tukuna. Hasken taga ya wadatar, in ya yi ƙaranci ka sa fitilar caji ɗaya a waje ta haska ta cikin farin ƙyalle.

Baitin farko daƙiƙa 43 ne, kuma ina so ya tafi a natse, hoto takwas, kowanne gaɓa biyu. Na farko fuskarka a madubin da ya tsage kana ɓalla maɓalli, a nan za ka fara rera baitin. Na biyu mahaifiya tana miƙo kuɗin mota daga bayan labule, hannunta kawai za a gani. Na uku fitowa daga zaure zuwa lungu, kyamara tana bin ka a baya. Na huɗu cikin adaidaita sahu, ka rungume ambulan a ƙirji, gari yana wucewa ta gefe. Na biyar layi a gaban wani ofis, kyamara tana tafiya a hankali a tsayin ƙugu, ba fuskoki, sai hannuwa da ambulan iri ɗaya a jere. Mutum goma sha biyu sun isa su zama kamar ɗari in ba a nuna farkon layin ko ƙarshensa ba. Na shida tagar ofis, hannu ya karɓi kwafi ya ɗora a kan tulin takardu ba tare da an duba ba. Na bakwai da na takwas ƙofofin masana'anta biyu na farko. Ka lura ban ce ka kwaikwayi abin da kake faɗa a baitin ba. In bakinka ya ce yunwa, kada ka dafe ciki. Kunne ya riga ya ji, ido kuma a ba shi wani abin daban.

Amshin farko, daƙiƙa 21, benci ne da hantsi. Kyamara ba ta motsi, amma a wajen haɗawa za a yanke kan kowace gaɓa ta yadda zaman mutane zai riƙa sauyawa farat ɗaya: wannan ya harɗe ƙafa, wancan ya koma duba waya, mai shayi ya ajiye kofi. Kai kaɗai ne kake kallon kyamara kana amshi. Gaɓa biyun ƙarshe a bar su ga ɗaga benci.

Baiti na biyu shi ne inda nake so ka fi kowa faɗin gaskiya, don yawancin matasan da ake cewa suna zaman kashe wando ba zaune suke ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni, ya zama duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ana lissafa shi cikin masu aiki, sai adadin ya sauko zuwa kashi 4.1. Baitin nan naka ya zama na waɗannan ayyukan awa ɗayan. Hoto 12, kowanne gaɓa ɗaya, kyamara a hannu, ana bin motsi: ɗaukar dilar atamfa a Kantin Kwari, liƙa gilashin waya a kasuwar waya, kwaɓa siminti, riƙe wa aboki rumfar cirar kuɗi ya je salla, wanke adaidaita, duk da farar rigar nan. Tsakanin kowane aiki biyu ko uku a sako ɗaukar kusa ta tafin hannu ana zuba masa canji. A nan ne kuma za ka ba mata gurbinsu, tunda ba a ganin su a benci: budurwa a tsakar gida tana ɗaukar hoton turaren wuta da waya don tallatawa, nata ambulan yana ƙarƙashin keken ɗinki. Hoto biyu sun ishe ta, amma in babu su bidiyon ya bar rabin masu matsalar a waje. Gaɓa huɗun ƙarshe ƙofofi ne, a wannan karon ana sauya su kan kowane bugu biyu, ka ga kana buƙatar ƙofa takwas.

Amshi na biyu benci ne da tsakar rana, inuwa ta ƙanƙance, mutum bakwai sun cure a cikinta. A nan ka zauna kan ambulan. In kana son nuna wanda ya gama hidimar ƙasa, tsohon takalmin hidimar a ƙafar wani ya wadatar, kada ka sa wa kowa cikakken kaki.

Gajeren baitin, gaɓa 8, ka yi shi a ɗauka ɗaya ba yanka, fuska kawai, a tsakiyar cunkoson kasuwa. Ga dabarar: a ɗauka a 50 fps, wato hoto 50 a kowace daƙiƙa, a kunna maka waƙar da ninkin gudunta, ka rera da wannan saurin. In aka mayar da hoton 25 fps, bakinka zai dace da waƙar daidai, amma jama'ar da ke wucewa a bayanka za su koma tafiyar hawainiya. Wahalar ita ce rera gambara a gudun 180 BPM ba wasa ba ne. Ka sa mai haɗa kiɗanka ya fitar maka da wannan kwafin mako guda kafin ɗauka, ka yi ta maimaitawa. In harshe ya ƙi, kada ka tilasta, baki da bai dace da sauti ba shi ne abin da mai kallo yake fara kamawa. Sai ka rufe baki ka kalli kyamara kawai na tsawon daƙiƙa 21, murya tana tafiya a sama. Sau da yawa wannan ma ya fi ƙarfi, in dai mutum zai iya riƙe fuska.

Amshi na uku benci ne da yamma, da mai awara da naɗin takarda a gaɓa ta biyar da ta shida. Gaɓa huɗun fita kuma kyamara tana nan inda take, an kira magariba, mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya, biyu suka ɗauki benci suka mayar da shi hagu inda zai kwana don gobe. Kada ka ƙara fitowar da za a kira ka a waya a ce ka samu aiki. Masu kallonka za su san ƙarya ce.

Ta wajen saiti, ku tsaya a 25 fps da 1/50, wato idon kyamara ya buɗe na kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa a kowane hoto, a duk bidiyon, ban da waccan ɗaukar ta kasuwa da za ta zama 50 fps da 1/100. Wutar lantarkinmu 50 Hz ce, in mai kyamara ya bar ta a 30 fps ko 60 fps za ka iya ganin fitilun shaguna suna ƙyaftawa ko layuka suna sauka a hoton. Ranar Kano kuma ta fi ƙarfin 1/50, dole a sa gilashin rage haske na ND a gaban kyamara, in ba haka ba farar rigarka za ta ƙone ta zama fari fat, ba zare ba inuwa, kuma wannan ba ya gyaruwa a wajen haɗawa. A auna haske da rigar, ba da bango ba. Gilashi mai milimita 35 zai yi benci da ƙofofi, mai 50 ko 85 ya yi fuska. Kada a sauya gilashi a fili lokacin hunturu, a shiga mota ko ɗaki, ƙura ɗaya in ta zauna a ciki za ta bi ka kowane hoto. Launi kuwa a bar shi ya tsaya a ruwan ƙasa da fari da toka, ka roƙi 'yan benci kada wanda ya zo da jar riga ko rigar ƙwallo. Rawaya ɗaya za a bari, ta adaidaita sahu, ita ce za ta riƙa gilmawa ta gabanku a kowane amshi.

Kwana biyu za su ishe ku. Ranar farko ta benci ce, amma da kyamara ɗaya ba za ku zauna kuna jiran rana ba, tsakanin ɗauka da ɗauka za ku shiga ku yi fitowar ɗaki da zaure da ta budurwar, shi ya sa ya kamata gidan ya kasance a unguwar. Hatsarin shi ne dawowa daidai inda aka tsaya. Mafi sauƙi a bar ƙafar kyamarar a kafe, a ɗaure ta da buhun yashi, a sa yaro ya tsare, a cire kyamarar kaɗai. A zana wa ƙafafun alama a ƙasa, a auna tsayi da tef, a liƙe zoben gilashi da salatif, a kuma ɗauki hoton allon kyamara don gwadawa. Kaucewar taƙi ɗaya ta isa ta sa bango ya yi tsalle tsakanin amshi da amshi. Kowane amshi a ɗauke shi cikakke sau biyar ko shida, ana sauya zaman mutane, don edita ya samu abin yankawa. Lasifika mai ƙarfi ta zama a kusa da kai, kuma kwafin da za a kunna ya fara da ƙirga bugu takwas kafin kiɗa ya shigo. Rana ta biyu ku fara da ƙofofi da sassafe kafin manyan motoci su cika hanya, sannan layin ofis, sannan kasuwa. Ku guji Juma'a, ku kuma sa lokutan salla cikin jadawalin tun farko, ɗaukar yamma tana farawa ne bayan an idar da la'asar, hasken kirki kuma bai fi awa ɗaya da rabi ba kafin ya tafi.

Tun kuna ɗauka ku tuna yawancin mutane a waya za su gani, a tsaye. Ƙofofi da fuska da guga suna tsakiyar hoto, za su yanku zuwa 9:16 ba matsala. Benci ne ba zai yanku ba, domin ma'anarsa tana cikin faɗinsa, saboda haka bayan kowane amshi a juya kyamara a tsaye a sake ɗauka ɗaya daga ɗan nesa.

Batun izini kuma kada ka bar shi sai ranar. Ka fara da mai unguwa da masu gidan da bangonsu zai fito, a kasuwa ka ga shugabannin layin da za ku tsaya, a ƙofar masana'anta ka gaisa da mai gadi ka gaya masa abin da kuke yi kafin a fito da kyamara. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana da hurumi a kan bidiyon waƙa, ka je ofishinsu ka ji abin da ake buƙata kafin ka kashe kuɗi. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ka manta da shi, yana buƙatar izinin hukuma, kuma ba hoto ko ɗaya a tsarin nan da yake nemansa. Kuɗin hayarsa ka saya wa 'yan benci abinci da ruwa, don mutum goma sha biyar za ka riƙe daga hantsi har magariba, kuma waɗanda suka zauna a amshin farko dole su ne a na uku, da kayan da suka zo da su.